Daga Kano Zuwa Kantunan 'Yan Afirka a Birtaniya: Yadda Ake Tsara Fitar da Yajin Tsire

Ƙidayar jama'a ta shekarar 2021 ta nuna cewa mutanen da aka haifa a Najeriya, waɗanda ke zaune a Ingila da Wales, sun kai kusan 270,000, ban da 'ya'yansu da aka haifa a can. Mafi yawansu suna sayen kayan miyarsu ne a ƙananan kantunan 'yan Afirka da na 'yan Asiya, irin waɗanda suka cika titin Rye Lane a unguwar Peckham ta kudancin Landan, da unguwar Woolwich, da biranen Manchester da Birmingham. Waɗannan kantuna su ne ƙofar farko ga ɗan kasuwar da ke son fitar da abinci daga arewacin Najeriya, domin manyan kantunan Turawa ba sa sauraron wanda bai taɓa sayar da kwali ɗaya a ƙasar ba. Sai dai ƙanƙantar kanti ba ta sassauta doka. Ledar da za a ɗora a kanta a Peckham, dokar da ta hau kanta ita ce ta hau kan wadda ke babban kanti a tsakiyar Landan.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a fara tsari daga gida: a haɗa kaya, a cika buhuna, sannan a shiga neman mai saye. Tsarin da ke aiki daga kantar shago yake farawa ya dawo baya. Ana fara sanin nawa mai saye zai biya, me doka take so a rubuta a jikin leda, da wanda zai ɗauki kayan daga tashar jirgi ya kai shago. Bayan an san waɗannan ne ake sanin irin kayan da za a haɗa a Kano, da ko cinikin zai ci riba ko ba zai ci ba.

Zaɓen kaya

Ba kowane abincin da 'yan ƙasar waje ke marmari ne ake iya kai musu ba. Kilishi da dambun nama da man shanu suna cikin abin da aka fi tambaya, amma Birtaniya ba ta karɓar nama da madara sai daga ƙasashe da masana'antun da ta amince da su, kuma naman Najeriya ba ya cikin wannan jeri. Wanda ya cusa kilishi a cikin kwali da sunan wani abu daban, ranar da aka buɗe za a ƙwace kayan a lalata, sunansa kuma ya ɓaci. Wake ma yana da nasa tarihin. A shekarar 2015 Tarayyar Turai, lokacin Birtaniya tana cikinta, ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka riƙa samu a cikinsa, wato sinadarin nan na fiya-fiya da ake zuba wa hatsi a rumbu da sito. Riɗi da agushi na Najeriya kuma an sa su cikin kayan da ake tsananta wa bincike a bakin shiga. Jerin irin waɗannan kaya yana sauyawa lokaci zuwa lokaci, saboda haka ana duba shi ne kafin kowane lodi.

Abin da ya rage shi ne busassun kayan tsiro masu daɗewa: zoɓo, citta, kuka, tsamiya, aya, barkono da yaji. Cikinsu yajin tsire ya fi cancanta a yi misali da shi. Yawancin 'yan Najeriyar Birtaniya mutanen kudu ne, ba duka suka san miyar kuka ba, amma babu wanda bai san suya ba, haka nan 'yan Ghana da 'yan Kamaru. Yaji ba shi da nauyi, kuma kuɗinsa ya fi na hatsi nesa ba kusa ba in aka auna kilo da kilo, wannan ya sa yake iya ɗaukar kuɗin jirgin sama. Sannan yana ɗauke da kusan duk matsalolin da ake gamuwa da su a wannan harka, domin akwai gyaɗa a cikinsa, akwai barkono, akwai mai. Wanda ya iya fitar da yaji lafiya, zoɓo ba zai ba shi wuya ba. Kuma kaya ɗaya ko biyu sun isa a fara da su, tun da kowane ƙarin kaya yana zuwa da nasa gwajin, da tasa ledar, da tasa takardar.

Abin da ke cikin leda

Yajin tsire garin ƙuli-ƙuli ne da barkono da citta da kanumfari da masoro da kimba da gishiri, wasu su ƙara tafarnuwa da albasa busasshiya. Babban haɗarinsa guba ce da ake kira afulatoksin, wadda fumfuna ke haifarwa a jikin gyaɗa da barkono idan ba su bushe sosai ba, ko aka ajiye su inda laima take. Ba a ganinta da ido, ba ta da ɗanɗano, kuma suya ba ta kashe ta. Tana lalata hanta a hankali. Dokar Birtaniya ta ƙayyade cewa gyaɗar da za a ci kai tsaye kada jimillar wannan guba ta wuce maikirogiram 4 a kilo ɗaya, barkono da citta kuwa kada ta wuce maikirogiram 10. Maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram, wato 'yan ƙwayoyin gyaɗa da suka lalace sun isa su ɓata buhu guda.

Ma'anar wannan a aikace ita ce ba a sayen ƙuli-ƙulin kasuwa a daka a fitar waje. Mai soya ƙuli-ƙuli don kasuwar gida yakan haɗa gyaɗa mai kyau da tsintuwa, ba kuma wanda zai iya faɗin daga inda ta fito. Mai fitarwa yana sayen gyaɗarsa sabuwa bayan kaka, a baza ta a tsince duk ƙwayar da ta yamushe, ko ta yi baƙi, ko ƙwaro ya huda, a ajiye buhunan a kan katako ba a ƙasa ba, sannan a matse mai a soya ƙuli a ƙarƙashin kulawarsa. Barkono a shanya shi a kan tamfol ko tabarma mai tsafta, ba a gefen kwalta ba inda ƙura da kashin awaki da na kaji ke sauka a kansa, domin ta nan ƙwayar cutar salmonela ke shiga. Kada a sayi garin barkonon da aka riga aka niƙa. A shekarar 2005 an janye ɗaruruwan nau'o'in abinci daga kantunan Birtaniya saboda an gano wani jan rini na masana'antu a cikin garin barkonon da aka yi amfani da shi, kuma tun daga lokacin jami'ai ba sa wasa da barkonon da ja ɗinsa ya yi yawa.

Akwai kuma dunƙulen ɗanɗano da kusan kowane mai yaji ke sakawa. Duk abin da ke cikin dunƙulen sai an rubuta shi a jikin leda, kuma wasu suna ɗauke da waken soya ko alkama ko ɗanɗanon nama. Wanda ke da wani abu na dabba a ciki yana iya jefa yajin cikin wani rukunin doka mai wuyar fita. Ya fi sauƙi a cire shi gaba ɗaya, ko a zaɓi wanda aka san duk abin da ke cikinsa.

Daga kowane haɗi ana ɗibar samfur daga wurare daban-daban, a gauraya, a kai ɗakin gwaje-gwajen da ke da shaidar amincewa ta ƙasa da ƙasa, a gwada afulatoksin da salmonela da ragowar maganin ƙwari da yawan danshi. Sakamakon gwajin yana bin kayan. Mai shigo da kaya na ƙwarai shi zai fara tambaya tun kafin a yi maganar farashi.

Rubutun jikin leda

A nan ne kaya masu kyau da yawa ke faɗuwa. Rubutun dole ya kasance da Ingilishi, ko da an ƙara Hausa don ado da jan hankali. Sunan kasuwa kawai bai isa ba. Mutum yana iya kiran kayansa yajin suya da manyan haruffa, amma sai ya ƙara bayanin da wanda bai taɓa ganin tsire ba zai gane, misali cewa garin kayan ƙamshi ne mai gyaɗa da barkono na barbaɗa wa nama.

Sai jerin abubuwan da aka haɗa, daga wanda ya fi nauyi zuwa wanda ya fi ƙanƙanta. Idan a haɗin kilo 100 akwai ƙuli-ƙuli kilo 55, barkono 15, citta 12, gishiri 8, sauran kayan ƙamshi 10, to gyaɗa ce a farko, barkono na biye, haka har ƙarshe. Abin da aka ambata a sunan kaya ko aka zana hotonsa a gaba, ana rubuta kasonsa cikin ɗari. Wannan yana tilasta wa mai kaya ya auna komai da sikeli ya tsaya a kan ma'auni ɗaya. Haɗin da ake yi da kwano da ƙiyasin ido ba ya fita waje, domin ledar da aka buga yau za ta zama ƙarya a haɗi na gaba.

Mafi nauyin abin da ke jikin ledar yaji kalma ɗaya ce: gyaɗa. Dokar Birtaniya ta lissafa abinci iri 14 waɗanda jikin wasu mutane ba ya karɓa, cikinsu akwai gyaɗa, riɗi, waken soya, alkama, madara, ƙwai da kifi. Duk wanda ke cikin haɗi sai an fito da shi fili a jerin, da haruffa masu kauri ko wata alama da ta bambanta shi. Ba ƙa'idar takarda ba ce kawai. Akwai yaran da ɗan gyaɗa kaɗan ke kumbura musu maƙogwaro har numfashi ya tsaya, kuma 'ya'yan 'yan Najeriya da aka haifa a can suna cikinsu. Idan injin da ake niƙa yaji da shi ana niƙa riɗi ko waken soya, ko dai a ware inji, ko a rubuta gargaɗin cewa ana iya samun ɓurɓushinsu. Haka nan mai zoɓo da ke ɗura kayansa a ɗakin da ake dakan ƙuli ya sani cewa gyaɗa tana iya shiga zoɓonsa.

Sauran abubuwan ba su da wuya amma ba a tsallake ko ɗaya: nauyin abin da ke ciki da giram, ranar da ya fi kyau a yi amfani da shi kafin ta wuce, yadda za a ajiye shi, lambar haɗi da za a iya bin sawunta idan an sami matsala, da ƙasar da aka yi shi. Garin kayan ƙamshi zalla an ɗauke masa teburin sinadaran gina jiki, amma yajin da rabinsa gyaɗa ne kuma akwai gishiri a ciki, abin da ya fi aminci shi ne a saka teburin: ƙarfin kuzari, mai, sitaci, sukari, furotin da gishiri a kowane giram 100. Ɗakin gwaji ne ke fitar da waɗannan alƙaluma. Girman haruffa ma an ƙayyade shi, ƙaramin harafi kada ya gaza milimita 1.2 a tsayi, sai a ƙananan ledoji da aka yarda da 0.9.

Abu biyu ne suka fi tuntuɓar da 'yan kasuwarmu. Na farko adireshi. Tun daga 1 ga Janairu 2024, abincin da aka ƙunshe za a sayar a Ingila da Scotland da Wales sai yana ɗauke da suna da adireshin wani kamfani da ke cikin Birtaniya, wanda zai amsa tambaya idan abu ya faru. Adireshin Kano da lambar NAFDAC ba sa maye gurbin wannan. Saboda haka ba a buga leda sai an gama magana da mai shigo da kaya, ko kuma a bar fili a bayanta a manna takardar adireshinsa. Na biyu da'awar magani. A gida an saba rubuta cewa citta tana maganin sanyi, zoɓo yana sauke hawan jini. A can haramun ne a ce abinci yana warkar da cuta ko yana hana ta, kuma wannan jimla ɗaya ta isa a kwashe kaya daga kanta.

Ya kamata ledar ta sami lambar nan mai layuka da ake haskawa da na'ura a wurin biyan kuɗi. Ana samunta daga ofishin GS1 na Najeriya, kuma lambobin da yake bayarwa suna farawa da 615. Ƙaramin kanti yana iya karɓar kaya ba tare da ita ba, amma babban dila ba zai karɓa ba. Ledar kanta ta zama mai kauri, mai rufin ciki da ke hana iska da haske, wadda ke tsayawa da gindinta, domin man da ya rage a ƙuli yana yin ɗaci da warin tsufa idan iska tana shiga. Ranar ƙarewa ba a ƙirƙirarta. Ana ajiye ledoji daga haɗin farko a riƙa buɗe ɗaya kowane wata ana shinshinawa ana ɗanɗanawa, har a san ainihin watannin da yajin ke kaiwa.

Lissafin farashi daga kanta zuwa Kano

Alƙaluman da ke tafe na misali ne don a ga yadda ake lissafin, kowa zai maye su da na ranar da yake ciniki. A ɗauka an zagaya kantuna goma an ga ledar yaji mai giram 100 ba ta wuce fam 2.99, kuma a ɗauka fam ɗaya naira 2,000 ne don sauƙin lissafi. Wannan 2.99 rufi ne. Sabon kaya da ba a san shi ba ba ya hawa sama da shi.

Mai kanti yana son nasa. Idan ya ce kashi 30 cikin ɗari, a tambaye shi daga ina yake ƙirgawa, domin kashi 30 na farashin sayarwa daban yake da kashi 30 da aka ɗora a kan farashin saye, kuma rigima da yawa daga nan take tasowa. Idan na farashin sayarwa ne, zai sayi leda a kusan fam 2.10. Dilan da ya shigo da kayan yake raba wa kantuna da motarsa, idan ya ɗauki kashi 20, ledar ta tsaya masa a fam 1.68 a sitonsa. Kayan ƙamshi da yawancin abincin girki ba a ɗora musu harajin sayayya a Birtaniya, amma wasu kayan ƙwalama kamar soyayyiyar gyaɗa mai gishiri ana ɗora musu kashi 20, saboda haka mai irin waɗannan kaya ya cire wannan tun daga farko.

Daga 1.68 ake cire kuɗin hanya. Lodin gwaji na leda 2,400, wato kwali 100 mai ɗaukar 24 kowanne, nauyinsa da kwalaye zai kai kilo 280. Idan jirgin sama ya karɓi fam 3 a kilo, fam 840 ke nan. Idan ejan kwastan da kuɗin sito da motar kaiwa suka ci fam 360, jimilla fam 1,200, wato rabin fam a kan kowace leda. Abin da ya rage wa mai fitarwa fam 1.18 ne, naira 2,360. Harajin kwastan ba a sa shi a nan ba, domin tsarin sassauci da Birtaniya ta fara a watan Yunin 2023 ga ƙasashe masu tasowa ya ɗauke wa mafi yawan kayan Najeriya haraji, muddin an bayyana asalin kayan a takarda yadda ya kamata. Duk da haka ejan ya tabbatar da lambar rukunin kaya kafin a yi lodi.

Yanzu sai kuɗin gida. A ce kayan haɗi naira 700 a leda, leda da bugu 250, ƙwadago da wuta da kwali 200, mota zuwa filin jirgi 100. Gwaji da takardu a ce sun ci naira 480,000, wanda idan aka raba wa leda 2,400 ya zama 200. Jimilla naira 1,450. An sami rarar 910. Daga ciki a ware kashi 5 na farashi, kusan naira 120, don ledojin da za a raba kyauta a ɗanɗana da waɗanda za su fashe, saura kusan 790.

Wannan lissafi yana nuna abubuwa biyu da ba a ganinsu sai an zauna da biro. Kuɗin gwaji da na ejan ba sa raguwa don kaya sun yi kaɗan. Da leda 600 aka tura, gwaji da takardu kaɗai za su hau kan kowace leda da naira 800, kuɗin ejan ya tashi daga fam 0.15 zuwa 0.60, ribar ta tafi gaba ɗaya har a shiga uwar kuɗi. Sai kuma canji. Idan naira ta yi ƙarfi fam ya dawo 1,800, wannan 1.18 ya koma naira 2,124, an rasa 236 a kowace leda ba tare da an yi laifin komai ba. Shi ya sa ake rubuta wa dila farashi da wa'adin wata uku, ba na har abada ba. Abin da ba a so shi ne a karya farashi don a shiga kasuwa da fatan ɗagawa daga baya. Mai kanti da ya saba da farashi ba ya yarda da ƙari cikin sauƙi. Ya fi kyau a ba da kwali ɗaya kyauta a kan kowane goma a odar farko, farashin ya tsaya inda yake.

Jirgin ruwa yana rage kuɗin hanya sosai, ko da wuri aka saya a cikin kwantenar haɗaka, kuma tashar tsandauri ta Dala a Kano da aka buɗe a 2023 an yi ta ne don sauƙaƙa irin wannan. Amma tsakanin mota zuwa Legas, da jiran lodi a Apapa, da tafiyar teku zuwa Felixstowe ko Tilbury, makonni da yawa suna tafiya daga rayuwar yajin, kuma zafin cikin kwantena yana gaggauta tsufan mai. Ruwa na wanda ya riga ya san yawan kwalin da yake sayarwa a wata ne.

Takardun gida da hanyar rabawa

A ɓangaren Najeriya ana buƙatar kamfani mai rajista da CAC, da shaidar mai fitar da kaya daga NEPC, da takardar NAFDAC ta fitar da abincin da aka sarrafa, da ta hukumar NAQS mai duba lafiyar kayan tsiro inda ake buƙatarta, sannan fom ɗin NXP da ake buɗewa ta banki. Ƙa'idar Babban Banki ita ce kuɗin kayan da ba na man fetur ba su dawo asusun mai fitarwa cikin kwana 180. Wannan wa'adi yana da alaƙa kai tsaye da irin yarjejeniyar da za a yi a can.

Hanyoyin kai kaya kanti uku ne. Ta farko ita ce wadda kowa ya sani, a ba ɗan'uwa mai tafiya ya sa a akwati. Tana da amfani wajen kai samfur a nuna wa masu kantuna, amma ba kasuwanci ba ce, domin babu takarda, babu tabbacin kaya za su sake zuwa a kan lokaci. Ta biyu ita ce a sayar wa dila mai shigo da kayan Afirka, wanda ke da lambar kwastan ta EORI da sito da motoci da kantunan da yake zagayawa kowane mako. Yana cin kasonsa, amma shi ne ke ɗaukar nauyin doka, adireshinsa ne a leda, shi ne kuma ke bin bashi. Ta uku ita ce mai fitarwa ya buɗe nasa kamfani a can, ko ya haɗa gwiwa da wani amintacce. Wannan yana buƙatar a yi rajistar sana'ar abinci da ƙaramar hukumar yankin aƙalla kwana 28 kafin a fara, da wurin ajiya da jami'an tsafta za su iya dubawa, da littafin da ke nuna daga ina kowane kwali ya zo da kantin da aka kai shi. Ribar ta fi yawa, amma mutumin da ke aikin albashi yana raba kaya ranar Asabar kawai yakan gaji kafin shekara ta zagayo. Ga mai farawa, dila ya fi.

Dila yakan nemi a ba shi kayan shi kaɗai a duk ƙasar. Kada a yarda da wannan a buɗe. A ɗaure shi da yanki, da wa'adin shekara ɗaya, da adadin kwalin da zai ɗauka kowane wata uku, in ya gaza yarjejeniyar ta warware. Masu kantuna kuma sun fi son a ajiye musu kaya, abin da ya sayu su biya, abin da ya kwana su mayar. Ana iya yarda da haka a kan kwali ɗaya ko biyu na gwaji, da rasit da ranar dawowa, amma wanda ya baza kwali 100 a kan wannan sharaɗi zai ga kwana 180 sun cika kuɗinsa yana warwatse a kantuna ashirin. Tsarin da ya fi kare mai fitarwa shi ne dila ya biya rabi kafin lodi, rabi cikin kwana 30 da isar kaya.

Wasu kantuna suna son a kawo musu buhu su ɗura a nasu ledoji. Kuɗin yana fitowa da sauri, amma sunan mai kaya ya ɓace, kuma tun daga Oktoban 2021 ko abincin da aka ƙunshe a cikin shagon kansa sai an rubuta masa cikakken jerin abin da ke ciki. Inda babban ƙunshi ke da amfani shi ne gidajen abinci da masu gasa suya, waɗanda ke ɗaukar leda mai kilo ɗaya a kai a kai, kuma su ne sukan riƙe ciniki a watannin da kantuna suka yi sanyi.

Lokacin shiga ma abin lura ne. Gasa nama a waje a Birtaniya daga Yuni zuwa Agusta yake tashi, sai lokacin Babbar Sallah da Kirsimeti. Kayan su isa sito wata guda kafin lokacin, ba a tsakiyarsa ba. A lodin farko kantuna goma zuwa goma sha biyar a unguwa ɗaya ko biyu sun fi kantuna hamsin a birane biyar, domin ana iya zagaya su a ga inda aka ajiye ledar, ko a daidai ido take kusa da firjin nama, ko tana ƙasa bayan buhunan shinkafa. Oda ta farko ba ta nuna komai, mai kanti yana iya karɓa don kunya ko don kyautar da aka haɗa masa. Oda ta biyu ce ma'auni. Kantin da ya sayar da kwali mai leda 24 cikin mako uku ko huɗu ya sake nema, kasuwa ce ta gaske. Wanda bayan wata biyu rabin kwalin yana nan, a je a tambayi dalili: ko farashi ne, ko zafin barkono ya yi yawa ga yara, ko ledar ba ta nuna abin da ke ciki ba. Kada mai kaya ya buga sababbin ledoji dubu goma, ko ya kama wuri a kwantena, sai aƙalla rabin kantunan gwajin sun sake yin oda da kuɗinsu.